Oda biyar a lissafi, uku a kan allo: auna tsawon zangon haske da giratin

*Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da fiziks a wata sakandare a karkarar Ringim. Mun samu giratin, wato ɗan faifai mai siraran tsagogi a jere da ke watsa haske, da aka rubuta masa layi 300 a kowace milimita, da jar leza ta aljihu. Na ajiye giratin santimita 200 daga allo, na auna daga ɗigon tsakiya zuwa ɗigogin dama, na samu santimita 40, 85 da 144. Na raba kowanne da 200 na sa a d sin θ = nλ, sai tsawon zango ya fito nanomita 667, 708 da 800, alhali leza ɗaya ce. Kuma lissafi ya ce oda biyar za a gani, mu uku muka gani a kowane gefe. Giratin ɗin ne ya lalace, ko ni ne na kuskure?*

Wa alaikumus salam, Malam. Giratin ɗinka lafiyarsa ƙalau, awonka ma mai kyau ne. Da waɗannan lambobi uku da ka turo za mu fitar da amsar da ta dace, ba sai ka sake ɗaukar tef ba. Wuri ɗaya ne lissafin ya goce: abin da ka samu da ka raba da 200 ba sin θ ba ne, tan θ ne.

Ka zana alwatikar a takarda. Daga giratin zuwa ɗigon tsakiya layi ne miƙaƙƙe, mu kira shi L. Daga ɗigon tsakiya zuwa ɗigon gefe a jikin allo, mu kira shi x. Hasken kansa kuwa bai bi ko ɗaya daga cikinsu ba, ya bi gefe na uku ne, mai karkata, wanda ya fi kowanne tsawo. Idan ka raba x da L ka sami tan θ. Idan sin θ kake nema, da wancan dogon gefen za ka raba x:

```
tan θ = x / L
sin θ = x / √(x² + L²)
```

Na san inda wannan al'ada ta samo asali. A gwajin tsaga biyu da muke koyarwa kafin giratin, kusurwoyin ba sa kai ko digiri ɗaya, kuma a can sin da tan kusan abu ɗaya ne, babu wanda zai gane bambancinsu da rula. Sai mutum ya taho da wannan sauƙin zuwa giratin. Amma layukan giratin a matse suke ƙwarai, saboda haka yana watsa haske da faɗi. A digiri 11, tan ya ɗara sin da kashi 2 cikin ɗari ne kawai. A digiri 23 ya ɗara shi da kusan kashi 9. A digiri 36 ya ɗara shi da sama da kashi 23. Wannan ne ya sa amsoshinka suke ta hawa, oda bayan oda, har ta ukun ta kai 800, zangon da idon mutum ba ya gani a matsayin ja mai haske irin wanda kuka gani. Duk ranar da tsawon zango ya riƙa ƙaruwa tare da oda, wannan ne wurin farko da za ka duba.

To mu sake lissafin. Da farko d, wato tazarar da ke tsakanin layi da layi. Layi 300 a milimita ɗaya na nufin d ita ce milimita ɗaya raba 300, wato nanomita 3333. Ka mai da ita nanomita tun daga farko, amsar za ta fito a nanomita kai tsaye, ka huta da tarin sifiri. Ɗalibai kan ɗauka cewa d faɗin tsagar da haske ke wucewa ta ciki ne. A'a. Ka nuna musu da kunyoyin gona: d ita ce daga kan wannan kunya zuwa kan ta kusa da ita, ba faɗin kwarin da ke tsakaninsu ba. Faɗin kwarin yana da nasa aikin, zan zo gare shi.

A oda ta ɗaya, 40 raba 200 ya ba da 0.200. Ka danna tan⁻¹ a kalkuleta, bayan ka tabbatar tana kan DEG ba RAD ba, za ka ga digiri 11.31. Sin ɗinsa 0.1961. Ka ninka da 3333, ka raba da 1, ka sami nanomita 654. A oda ta biyu, 85 raba 200 ya ba da 0.425, kusurwar digiri 23.03, sin ɗinta 0.3911. Ninka da 3333, raba da 2, nanomita 652. A ta uku, 144 raba 200 ya ba da 0.720, kusurwar digiri 35.75, sin ɗinta 0.5843. Ninka da 3333, raba da 3, nanomita 649.

Ka ga yanzu 654, 652, 649. Sun taru wuri ɗaya, kusa da 650, kuma nanomita 650 shi ne abin da aka fi rubutawa a jikin ƙananan jajayen lezoji. Ka juya taka ka duba 'yar takardar gargaɗin da ke manne kusa da bakinta, yawanci an buga zangon a can.

Akwai hanyar ganin wannan da ido tun kafin a taɓa kalkuleta, kuma ina son ɗalibai su gan ta. Daga tsakiya zuwa ɗigo na ɗaya santimita 40 ne. Daga na ɗaya zuwa na biyu 45. Daga na biyu zuwa na uku 59. Tazarar tana buɗewa. Da x raba L shi ne sin θ, da ɗigogin sun jeru daidai wa daida. Abin da ke tafiya da taki ɗaya shi ne sin θ: daga sifiri zuwa 0.196, zuwa 0.391, zuwa 0.584, kowane taki kusan 0.195. Idan ka sa su zana giraf, n a kwance, sin θ a tsaye, layi miƙaƙƙe zai fito ya ratsa ta sifiri, gangararsa kuwa ita ce λ raba d. Su sake zanawa da tan θ a takarda ɗaya, su ga yadda wancan ke lanƙwasa sama.

Wacce daga cikin amsoshin uku ta fi cancantar a amince da ita? Mutane da yawa kan zaɓi ta ɗaya domin ɗigonta ya fi haske. Ni ta uku zan zaɓa. Ɗigon leza yana da faɗi, hannu yana rawa, tef yana lanƙwasa, saboda haka kuskuren rabin santimita abu ne da ba a rasawa. Rabin santimita a kan 40 yana motsa amsar da kusan nanomita 8. Rabin santimita ɗin nan a kan 144 ba ya motsa ta sama da nanomita ɗaya da rabi. Da lezarka 650 ce cif, da ɗigogin sun faɗi a 39.8, 84.7 da 144.3. Kai ka rubuta 40, 85 da 144. Wato ɗan bambancin da ya rage tsakanin amsoshinka daga cike lamba ya fito, ba daga wata matsala ba. Wani karon ka manna farar takarda a allon, ka ɗiga tsakiyar kowane ɗigo da fensir mai tsini, ka kashe lezar, sannan ka auna har milimita a natse. Kuma L daga fuskar giratin ake auna ta, ba daga bakin leza ba. Santimita ɗaya a kan L na iya kawo kuskuren nanomita biyu zuwa uku a duka ododin, duk gefe guda, don haka ɗaukar matsakaicinsu ba ya goge shi.

Yanzu batun oda mafi girma. Kafin a raba komai da komai, gara a fahimci dalilin da ya sa ma akwai iyaka. Haske yana fita daga kowace tsaga. Idan ka tsaya a wani gefe a kusurwa θ, hasken da ya fito daga wata tsaga ya fi na maƙwabciyarta doguwar tafiya da d sin θ. Ɗigo mai haske yana fitowa ne kawai inda wannan rarar tafiya ta zama cikakken zango ɗaya, ko biyu, ko uku, domin a nan ne tudun wannan igiya ke haɗuwa da tudun waccan, a duk tsagogin da hasken ya taɓa. Lambar oda ba komai ba ce illa yawan zangon da ke cikin wannan rarar. To rarar tafiyar nan ba za ta taɓa wuce d ba. Ko ka je can ƙarshe, ka kalli giratin ta gefensa a digiri 90, iyakar abin da wata tsaga za ta fi maƙwabciyarta nisa shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Saboda haka tambayar oda mafi girma ita ce: cikakkun zango nawa za su shiga cikin d?

```
n ≤ d / λ
3333 / 650 = 5.13
```

Biyar sun shiga, da ɗan saura. Lissafinka daidai ne. Kuma a nan ba a cike lamba zuwa sama, ko da abin da ke bayan ɗigo ya kusa kai ɗaya. Ɗauki giratin mai layi 600 da hasken sodiyam na nanomita 589: d ita ce 1667, rabon ya ba da 2.83. Ɗalibi zai ce ai 2.83 uku ne. Ka sa shi ya gwada: sau uku na 589 raba 1667 ya ba da 1.06, ya danna sin⁻¹, kalkuleta ta rubuta masa Math ERROR. Babu kusurwar da sin ɗinta ya wuce ɗaya. Amsar biyu ce. Akwai kuma wani tarko da masu shirya jarrabawa ke so: idan rabon ya fito cif, kamar layi 500 da zango 500, inda d ta zama 2000, rabon kuma 4. Oda ta huɗun nan tana digiri 90 ne daidai, tana bin fuskar giratin ɗin, ba za ta sauka a kan wani allo da ke gabansa ba. Wadda za a iya gani ita ce ta uku. Idan kuma yawan ɗigogi aka tambaya, ka ninka oda mafi girma sau biyu domin hagu da dama, ka ƙara na tsakiya. A naka, goma sha ɗaya ke nan.

To ina ta huɗu da ta biyar suka shiga? Mu bi su. A ta huɗu, sin θ shi ne sau huɗu na 0.195, wato 0.780, kusurwar digiri 51.3. Tan ɗinta 1.246, saboda haka a nisan santimita 200 za ta sauka santimita 249 daga tsakiya. Kusan mita biyu da rabi ke nan a kowane gefe. Ina tsammanin allonku bai kai can ba, ɗigon ya faɗa kan bango ne, ko kusa da ƙofa, inda babu wanda ke dubawa. A ta biyar, sin θ shi ne 0.975, kusurwar digiri 77.2, tan ɗinta 4.39. Da bangon gaba zai miƙe ba iyaka, da sai a santimita 878 za ta taɓa shi, kusan mita tara. Ajinku ba shi da wannan faɗin, don haka bangon gefe ne ya tare ta. Idan daga teburin giratin zuwa bangon gefe mita uku da rabi ne, ka neme ta a can, wajen santimita 80 gaba da saitin giratin ɗin, a tsayin da lezar take. Ajin sakandare kuwa tagogi ne a wannan bangon, ba mamaki ta taga ta fice.

Hanyar kamo su mai sauƙi ce. Ka matso da giratin zuwa santimita 50 daga bango, ta huɗu za ta dawo santimita 62, ta biyar kuma 219. Ko ka bar allo gaba ɗaya: ka ba wani ɗalibi farar takarda ya riƙe kamar kamu biyu daga giratin, ya zagaya da ita a hankali daga tsakiya zuwa gefe, yana fuskantar da ita ga giratin, kowace oda za ta faɗo masa ɗaya bayan ɗaya. Ku rufe tagogi, ko ku yi shi da sassafe kafin rana ta cika ajin. Idan duhun ya samu, ka kaɗa dasta mai ƙurar alli a gaban giratin, za ku ga zaren haske sun baje daga wuri ɗaya, na tsakiya ya fi kauri, na gefe suna ta sirancewa. Amma ka ja kunnensu sosai: kada kowa ya sunkuya ya sa idonsa a tsayin lezar yana neman oda ta biyar. Giratin yana jefa haske gefe-gefe, har da baya, wuraren da yaro ba ya zato. A takarda ake nema, ba da ƙwayar ido ba.

Duk da haka, ba zan yi maka alkawarin za ka ga ta biyar ba. Lissafin d raba λ yana faɗin inda haske ke da izinin zuwa ne kawai, bai ce ga yawan hasken da zai je ba. Wannan kuma aikin faɗin tsagar ne da siffarta, wancan kwarin da na ce zan dawo gare shi. Kowace tsaga ita kaɗai tana watsa haskenta, mai ƙarfi a tsakiya, yana raguwa zuwa gefe, kuma akwai kusurwoyin da ba ta aika komai. Idan wata oda ta faɗo daidai irin wannan kusurwa, sai ta ɓace ɗungum. Misali, idan faɗin tsagar rabin d ne, oda ta biyu da ta huɗu ba za su fito ba. Idan kashi ɗaya cikin uku ne, ta uku da ta shida ne za su ɓace. Alamar wannan ita ce giɓi a tsakiyar jeri: ka ga ta uku, ka rasa ta huɗu, sai ga ta biyar. Haɗarinsa shi ne ɗalibi ya ƙirga ɗigogi da yatsa ya kira ta biyar ta huɗu, amsarsa ta tashi zuwa sama da 800. Giraf ɗin sin θ yana tona wannan nan take, domin taki ɗaya zai ninka sauran. Yawancin giratin na makaranta kuma kwafi ne da aka buga a kan roba ko aka manna a gilashi, kuma wasu an sassaƙa layukansu ne da gangan domin su tura mafi yawan hasken zuwa oda ɗaya a gefe ɗaya. Idan ka ga dama ta fi hagu haske, ba lalacewa ba ce.

Abu na gaba shi ne wanda na fi so ka kula da shi, domin ka ce gefen dama kaɗai ka auna. Wannan lissafi na d sin θ = nλ yana aiki ne idan haske ya faɗi a tsaye cak a kan fuskar giratin. Idan giratin ya ɗan juya da kusurwa i, to tun kafin hasken ya shiga tsagogin akwai rarar tafiya a tsakaninsu, sai lissafin ya koma haka, θ kuma ana auna ta daga layin da ya tsaya cak a fuskar giratin:

```
sin θ = nλ/d ± sin i
```

Gefe ɗaya ana ƙarawa, ɗaya gefen ana ragewa. Dubi abin da wannan ke yi wa oda ta biyar. Tana 0.975, saura 0.025 kawai ta kai ɗaya. Sin na digiri ɗaya da rabi ya riga ya wuce 0.025. Wato juyawar da ido ba zai ma lura da ita ba ta isa ta share oda ta biyar a gefe ɗaya, ta bar ta a ɗaya gefen. Wanda ya riƙe giratin da hannu, ko ya jingina shi da littafi, ba shi da tabbas a kan digiri ɗaya da rabi. Kuma idan aka juya shi ya wuce digiri 10, ta shida, wadda lissafin farko ya hana, tana samun hanya a gefen da ake ragewa, ko da yake da wuya haskenta ya isa a gan shi.

Yadda ake gane karkata shi ne hagu da dama su ƙi daidaita. Da giratin ɗinka ya juya da digiri 3, oda ta uku za ta faɗi a santimita 148.5 a gefe ɗaya, 141.0 a ɗayan, a maimakon 144.3. Ɗigon tsakiya kuwa ba ya motsi, shi ya sa mutum ba ya zargin komai. Wanda ya auna gefe ɗaya zai sami amsar da ta kauce da nanomita goma ko fiye. Wanda ya auna daga ta uku ta hagu zuwa ta uku ta dama ya raba biyu zai sami 144.8, rabin santimita ke nan daga gaskiya. Saboda haka ka mai da shi doka a ajinka: kullum gefe biyu, a raba biyu. Wannan yana kuma cire wahalar gano tsakiyar ɗigon tsakiya, wanda ya fi kowanne girma da ƙyalli. Domin saita giratin ɗin, ka kafa shi da abin matse takarda ko ɗan curin laka a kan tebur, ka lura da ɗan hasken da fuskarsa ke mayarwa baya, ka juya shi sannu har wannan hasken ya koma bakin lezar. Lezar ma a kafa ta, a ɗaure maɓallinta da roba, kada hannu ya taɓa ta har a gama. Sannan ka duba jerin ɗigogin ya kwanta daidai da ƙasa. Idan ya hau ta dama ya sauka ta hagu, layukan giratin ba su tsaya a tsaye ba, kuma dole tef ya bi jerin ɗigogin, ba gefen allo ba.

Wannan raba biyun yana fitowa a tambayoyin jarrabawa ta wata fuska. A na'urar auna kusurwar haske ta ɗakin gwaji, inda ake juya madubin hangen nesa a kan da'ira mai digiri, ana karanta hagu a karanta dama, bambancinsu kuwa 2θ ne. Da auna kusurwa kai tsaye irin wannan ne Joseph von Fraunhofer ya fitar da tsawon zangon layukan hasken rana a shekarun 1820, da giratin na siraran wayoyi da ya haɗa a 1821. Idan tambaya ta ce kusurwar da ke tsakanin ododi na biyu guda biyu digiri 46 ce a giratin irin naka, θ digiri 23 ce, sin ɗinta 0.3907, amsar nanomita 651. Wanda ya sa 46 gaba ɗaya zai sami kusan 1200. Ka koya musu su riƙe iyakar abin da ido ke gani, daga wajen 400 zuwa wajen 700. Duk amsar da ta fita daga nan a kan hasken da aka ce an gani, a koma a duba.

Da farin haske kuma, tambayar oda mafi girma tana da amsa biyu, kuma sai an karanta tambayar da kyau. Kowane launi yana da nasa rabon. Ja na nanomita 700 yana shiga 3333 sau 4.76, wato huɗu. Shunayya na 400 yana shiga sau 8.33, wato takwas. Idan cikakken jerin launuka aka tambaya, daga shunayya har ja, to ja ne ke yanke hukunci, domin shi ne mai dogon zango kuma shi ne ke fara kaiwa digiri 90: amsar huɗu. Daga ta biyar zuwa sama jerin yana gutsurewa ta ɓangaren ja. Ka lura kuma cewa a giratin ja ne ya fi nisa da tsakiya, saɓanin firizim inda shunayya ya fi lanƙwasa.

Amma a aikace jeri na farko ne kaɗai ke tsaye shi kaɗai. A giratin ɗinka yana farawa daga digiri 6.9 ya ƙare a 12.1. Na biyu yana farawa a 13.9, ba su taɓa juna ba. Na biyun kuwa sai ya kai 24.8 zai ƙare, alhali na uku ya riga ya fara a 21.1. Dalilin shi ne abin da ke tantance kusurwa shi ne n sau λ: sau biyu na 600 daidai yake da sau uku na 400, duka 1200. Saboda haka daga ruwan goro na oda ta biyu zuwa janta, shunayya da shuɗin oda ta uku suna kwance a kansu. Sauya giratin ba ya gyara wannan, domin d ba ta cikin wannan daidaiton. Abin da kawai giratin mai matsattsun layuka ke yi shi ne ya tura oda ta uku waje ta rasa wurin fitowa. Idan kana auna layi a wannan yanki, launin da idonka ya gani shi zai gaya maka odarsa. Layi a digiri 23 yana da nλ kusan 1302: idan ja ne, oda ta biyu ce ta 651, idan shuɗi ne mai duhu, oda ta uku ce ta 434.

Saura abu ɗaya da duk lissafinmu ya dogara a kansa ba tare da mun gwada shi ba, wato lambar 300 da ke jikin giratin. Idan ainihinta 305 ce, duk amsoshin sun kauce da kusan nanomita 11, kuma za su yarda da juna sarai, giraf ya miƙe, babu alamar komai. Jar leza ba ta isa shaida a kan wannan ba, domin ire-irenta suna fitowa daga wajen 635 zuwa 670, kuma zangon kowacce yana ɗan ƙaruwa idan ta yi zafi. Koriyar leza da aka rubuta wa 532 ta fi tsayawa a kan lambarta, domin wani ƙaramin lu'ulu'u ne a cikinta ke raba zangon 1064 gida biyu. Idan ka samu aronta, ka juya lissafin: ka ɗauki λ a matsayin 532, ka auna kusurwa, ka nemo d. Idan 300 ɗin gaskiya ce, oda ta uku za ta faɗi santimita 109 daga tsakiya a nisan 200, wato 218 daga hagu zuwa dama. Ka ninka taka-tsantsan da ita, domin korayen da ake sayarwa a kasuwa sukan fi abin da aka rubuta musu ƙarfi, kai kaɗai za ka riƙe ta, yara su tsaya a bayanta. Da d ɗin da ka samu daga koriyar sai ka koma kan awon jar lezar ka sake lissafi, ka rubuta sabuwar lambar a jikin ambulan da kake ajiye giratin ɗin.